Takardar tushen ƙiyasin gini: yadda ake rubuta abin da ba ya ciki, kuɗin riƙon ƙwarya da hujjar kuɗin ko-ta-kwana

Ka miƙa wa mai gini ƙiyasi mai shafi ashirin, abin da zai riƙe a kansa lamba ɗaya ce, wadda ke ƙasan shafin ƙarshe. Ita zai kai banki, ita zai faɗa wa abokan jarinsa, kuma ita zai tuna maka bayan wata goma sha takwas idan kuɗi sun ƙare bene bai rufu ba. Sharuɗɗan da ka faɗa da baki a wajen taro duk sun bi iska. Takardar tushen ƙiyasi ita ce wurin da ake ɗaure waɗannan sharuɗɗa a jikin lambar: daga wane zane aka auna, farashin wace rana aka yi amfani da shi, me aka ƙaddara, me aka bari a waje, kuma me ya sa kuɗin ko-ta-kwana suka kai yadda suka kai.

Ƙungiyar masana ƙiyasin kuɗin ayyuka ta AACE tana da ƙa'ida ta musamman kan wannan takarda, mai lamba 34R-05, sannan ƙa'idojin awo da ake kira NRM1, na ƙungiyar ƙwararrun harkar filaye da gine-gine ta Birtaniya, RICS, su ma sun zayyana abin da ya kamata rahoton ƙiyasi ya ƙunsa. Amma ko ba ka bin ɗaya daga cikinsu, dokar da nake aiki da ita ɗaya ce. Duk abin da ginin zai ci yana da gida huɗu da zai iya zama: cikin aikin da aka auna, cikin kuɗin riƙon ƙwarya na abin da tabbas za a yi amma bai kai a auna ba, cikin kuɗin ko-ta-kwana na abin da ka iya tasowa, ko cikin jerin abin da ba ya ciki. Dole ya zauna a ɗaya, kuma a ɗaya tak. Idan bai samu gida ba, an yi giɓi. Idan ya samu biyu, an ƙirga shi sau biyu. Yawancin rigimar da na gani kan ƙiyasi daga waɗannan biyun take tasowa.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: ginin ofis mai hawa uku, faɗinsa murabba'in mita 1,200, na kankare da rodi, a kan filin da ba a riga an gwada ƙasarsa ba. Lambobin na koyarwa ne, ban ɗaura su a kan kuɗin wata ƙasa ba, don haka "miliyan" kawai zan riƙa cewa.

Mataki na farko: kafa inda ka tsaya

Shafin farko ba ya buƙatar dogon zance, amma kada a yi masa ha'inci. Rubuta dalilin ƙiyasin, domin wanda aka yi don a ga ko aikin zai yiwu daban yake da wanda za a nemi rance da shi. Rubuta matakin da zane yake. AACE ta kasa ƙiyasi aji biyar, aji na 5 shi ne mafi ɗanye, na 1 mafi nuna, kuma abin da ke raba su shi ne yadda bayanin aikin ya kammala. Ko da wane ma'auni kake aiki, ka faɗi inda naka ya faɗa.

Sai jerin zanen da ka auna, kowanne da lambarsa, da lambar gyaransa, da ranar da ya iso hannunka. Wannan na gyara shi ne mutane ke tsallakewa. Mai zane zai iya ƙara wa kowane hawa mita ɗaya a faɗi ya sake aiko da zanen da lamba iri ɗaya, gyara na uku maimakon na biyu, kai kuma ƙiyasinka na kan na biyu. Idan ba ka rubuta ba, ranar da aka zo kwatantawa kai za a ce ka yi kuskuren awo. Haka nan ka faɗi yadda ka auna faɗin: 1,200 ɗin nan daga fuskar ciki ta bangon waje aka auna shi, kuma baranda marar rufi ba ta ciki. Sannan ka jera abin da ba ka samu ba, a misalinmu zanen injiniyan ƙarfin gini da rahoton gwajin ƙasa. Wannan ɗan jerin shi ne uwar duk abin da zai biyo baya, domin kowane zato da kowane kuɗin ko-ta-kwana daga wani rashi suka fito.

Abu na ƙarshe a shafin shi ne ranar farashi, wato ranar da farashin cikin ƙiyasin ke wakilta, da kuma inda aka samo farashin: kwangilolin baya da aka sabunta, ko farashin da dillalai suka bayar a rubuce. Idan dillali ya ce farashinsa na kwana talatin ne, rubuta haka.

Jimlar aikin a misalinmu ta tsaya kamar haka. Aikin da aka auna miliyan 440. Kuɗin riƙon ƙwarya miliyan 60. Kuɗin tafiyar da wurin aiki, irin su shinge, gadi, ofishin wucin-gadi, sikafol da albashin masu kula da aiki, miliyan 60: miliyan 15 na kafawa da kwashewa, sai miliyan 3 kowane wata har wata 15. Ɗawainiyar kamfanin ɗan kwangila da ribarsa miliyan 40. Duka miliyan 600, kafin ko-ta-kwana da hauhawar farashi. Ka lura da miliyan 3 ɗin nan na wata-wata, za mu sake haɗuwa da su.

Mataki na biyu: rubuta abin da ka ƙaddara, da lamba

Inda zane ya yi shiru, kai ka cike gurbin da zato, kuma zaton ya shiga kuɗi. Laifi shi ne a bar shi a kai. Ga irin jimlar da ake yawan gani: "An ƙaddara cewa ƙasar filin tana da kyau." Wannan ba ta kare kowa, domin ba wanda zai iya cewa ta tabbata ko ta ƙaryata. Ga yadda za a rubuta ta: "An ƙaddara harsashi na ɗaiɗaikun ginshiƙai, zurfin haƙa bai wuce mita 1.5 ba, babu dutsen da sai an fasa, kuma ruwan ƙasa yana ƙasa da wannan zurfin." Yanzu duk wanda ya riƙe rahoton gwajin ƙasa zai iya ɗora shi a kan wannan layin ya ce ya dace ko bai dace ba.

Haka batun rodi. Tunda injiniya bai fitar da zanensa ba, na auna kankare kubik mita 450, na ƙaddara kilo 110 na rodi a kowace kubik mita, wato tan 49.5. Idan zanen ya fito da kilo 135, rodin ya koma tan 60.75, ƙarin sama da tan 11 ke nan ba tare da ginin ya ƙaru da ko taku ɗaya ba. Rubuta 110 ɗin a takarda yana da amfani biyu. Injiniya zai gani tun yanzu ya ce maka ka yi ƙasa, sannan idan kuɗin ya motsa daga baya kowa ya san dalili.

Gwajin da nake yi wa kowane zato shi ne in tambayi kaina: wa zai iya tabbatar da wannan, kuma yaushe? Idan babu amsa, jimlar ba ta yi kaifi ba, sai in sake ta.

Mataki na uku: abin da ba ya ciki

A nan zan daɗe, domin a nan ne aka fi cutar mai gini ba tare da an yi niyya ba.

Cire abu daga ƙiyasi ba ya cire shi daga aljihun mai gini. Kuɗin fili, ladan mai zane da injiniyoyi, kuɗin izinin gini, ruwan bashin banki, harajin da ake ɗorawa a kan kaya da ayyuka, kujeru da tebura, na'urorin sadarwa: duk zai biya su. NRM1 ma shawarar da ta bayar ita ce a bar irin wannan harajin a wajen ƙiyasi, saboda lissafinsa ya danganta da matsayin mai ginin, aikin masana haraji ne. Amma barinsa a waje na nufin a faɗa ƙarara cewa an bar shi. Don haka kowane layi a jerin yana buƙatar abu uku: me aka cire, don me, kuma wa ke riƙe da kuɗinsa. "Ladan masu zane da injiniyoyi ba ya ciki, mai gini ya ɗauke su kai tsaye, kuma yana da kasafinsu daban." Idan ka zo layin da ba ka san wa ke riƙe da kuɗinsa ba, ɗauki waya ka tambaya kafin takardar ta fita. Sau da yawa za ka tarar ba kowa.

Wuri mafi haɗari shi ne iyaka, inda rabin abu ke ciki rabi ke waje. Na taɓa rubuta "na'urorin sanyaya ɗaki ba sa ciki" a wani ƙiyasi, ina nufin akwatunan kawai, domin bututu da wayoyinsu na sa su a lissafi. Wanda ya haɗa kasafin mai gini ya karanta layin ya ware kuɗin tsarin gaba ɗaya, aka ƙirga bututu sau biyu. Wannan da sauƙi, rara aka samu. A wani aikin kuma akasin haka ya faru a kan kabad ɗin da ake kafewa a bango. Na rubuta "kayan ɗaki ba sa ciki", mai ginin ya fahimci kujeru da tebura, ni kuwa har da kabad nake nufi. Ranar da maganar ta fito, ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Malam, abin da aka buga wa ƙusa a bango kayan ɗaki ne ko gini?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a wajenmu..." Ya katse ni: "Ni ba a wajenku nake ba." Gaskiyarsa ce. Tun daga ranar nake rubuta iyakar da sunan wuri: "Kabad da kantoci da ake kafewa suna ciki a ɗakin girki kawai, na ofisoshi ba sa ciki." "Bututun ruwa yana ciki har zuwa mitar ruwa a bakin shinge. Daga can zuwa babban layi ba ya ciki."

Akwai kuma jarabar da ya kamata a ambata. Idan lamba ta fi abin da mai gini ke son ji, hanya mafi sauƙi ta rage ta ita ce a tura abubuwa cikin jerin cirewa. A cire lifta, a cire aikin harabar waje, lamba ta yi kyau, kowa ya yi murmushi. Ma'aunina a nan shi ne: idan ba za a iya buɗe ginin a shiga ba sai da wannan abu, kuma babu wani kasafi da ya ɗauke shi, to ba na cirewa ba ne, na riƙon ƙwarya ne. In mai gini ya dage sai an cire, a cire, amma a rubuta a gaban layin cewa bisa umarninsa ne, da kimanin abin da zai ci.

Kada kuma jerin ya zama juji. Na ga takardu masu layi arba'in da aka kwafo daga aikin baya, har da cire kuɗin rushe tsohon gini a filin da babu ko bukka. Mai karatu zai gaji a layi na goma, ya tsallake wanda zai cije shi a na ashirin da bakwai. Ka sa masu nauyi a sama, ka share wanda bai shafi aikin ba.

Mataki na huɗu: kuɗin riƙon ƙwarya

Wannan kuɗin abin da tabbas za a yi ne, sai dai bayaninsa bai isa a auna shi ba. Lifta za a sa, ba shakka, amma ba a zaɓi iri ba. Bambancinsa da ko-ta-kwana ke nan: na riƙon ƙwarya ana sa ran kashe shi duka, na ko-ta-kwana ana iya kashewa ana iya tsira da wani abu.

Miliyan 60 ɗinmu sun kasu huɗu: lifta 25, haɗa wutar lantarki da babban layi 15, magudanan ruwan sama a harabar 12, kayan banɗaki 8. Kowanne sai an rubuta masa abin da ya ƙunsa, daga ina lambar ta fito, da abin da zai rufe shi. Misali: "Lifta ɗaya ta mutum takwas, tasha uku, saye da kafawa da gwaji, miliyan 25, bisa farashin da wani dillali ya bayar a rubuce. Ramin lifta da bangonsa an auna su cikin aikin kankare, ba sa cikin wannan kuɗi. Za a maye gurbin lambar idan injiniyan lantarki ya fitar da bayanin liftar." Jimlar tsakiyar ita ce mai hana ƙirga sau biyu.

Kayan banɗaki suna da tarko nasu. Miliyan 8 na saye ne kawai, ko har da ɗauko su, da kafawa, da asarar fashewa? Idan na saye ne, ina kuɗin mai famfo? Faɗi. Sannan ka bayyana ko ribar ɗan kwangila tana cikin kuɗin ko an ɗora ta a ƙasa. A misalinmu an ɗora ta a ƙasa, a kan jimlar duka, don haka ba a sake sa ta a kowane layi.

Akwai abin da zai taso idan aka kai ga kwangila, gara a hango shi tun yanzu. A ƙa'idojin awo na RICS, kuɗin riƙon ƙwarya iri biyu ne: wanda aka bayyana aikinsa sosai, da wanda ba a bayyana ba. A na farko ana ɗauka ɗan kwangila ya riga ya sa lokacin aikin da ɗawainiyarsa cikin jadawalinsa da farashinsa. A na biyu ba a ɗauka haka, don haka idan aikin ya zo yana iya neman ƙarin lokaci da ƙarin kuɗin tafiyar da wuri. Ma'ana, kowane kuɗin riƙon ƙwarya da ya kai ranar kwangila ba a fayyace shi ba yana jan wutsiya. Ina kuma duba rabonsu: 60 cikin 500, wato su da aikin da aka auna a haɗe, kashi 12 ne cikin ɗari, wanda a matakin zanen farko ba abin damuwa ba ne. Idan ana gab da neman tayin 'yan kwangila kuma rabon bai sauko ba, alama ce zane bai nuna ba, ko me mai zane ya ce.

Mataki na biyar: hujjar kuɗin ko-ta-kwana

"An ƙara kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana." Wannan layin shi ne farkon abin da ake yankewa idan ana neman rage kasafi, kuma ba ka da bakin kare shi, tunda ba ka faɗi me yake tsare ba. Me ya sa ba 7 ba? Kuɗin da ba shi da suna kowa na ganin nasa ne: mai zane zai so ya ƙawata fuskar gini da shi, mai gini zai so ya ƙara ɗaki.

NRM1 ta kasa wannan kuɗi gida huɗu, kuma rabon yana da amfani ko a ƙaramin aiki: haɗarin da ke tattare da ci gaban zane, haɗarin lokacin gini, canjin da mai gini zai iya kawowa, da sauran haɗuran da ke wuyan mai gini. Amfanin rabon shi ne kowanne yana da mai shi, kuma kowanne yana da lokacin da yake narkewa.

Na ci gaban zane shi ne kuɗin abubuwan da za su bayyana yayin da zane ke cika, kamar rodin nan da ka iya tashi daga kilo 110. A nan kaso cikin ɗari ya halatta, domin ba za ka iya jera abin da ba a zana ba tukuna. Na sa kashi 5 na miliyan 600, wato miliyan 30, na rubuta dalili: babu zanen ƙarfin gini, babu na lantarki da famfo, kuma ginin mai sauƙin siffa ne da ake maimaita hawa ɗaya sau uku. Idan kana da tarihin ayyukanka na baya da ke nuna yadda ƙiyasi ya motsa tsakanin wannan mataki da kwangila, shi ne hujja mafi ƙarfi, ka ambace shi.

Na lokacin gini kuwa ana jera shi ɗaya-ɗaya: me zai iya faruwa, nawa zai ci idan ya faru, kuma yiwuwarsa nawa ce. Sai a ninka kuɗin da yiwuwar. Ƙasa ta zama marar ƙarfi har a koma harsashin faranti, wato shimfiɗar kankare ɗaya a ƙarƙashin ginin duka: ƙarin miliyan 50, har da ɗawainiya da riba, yiwuwa kashi 30, ya ba da 15. A ci karo da ruwa a rami sai an yi ta janyewa da inji: miliyan 10, kashi 40, ya ba da 4. A tarar da tsohon bututu ko wayar da sai an karkatar: miliyan 15, kashi 20, ya ba da 3. Jimla 22. Yiwuwar nan hukunci ne, kuma ka rubuta na waye: na kashi 30 daga bakin injiniya ya fito bayan ya zaga filin ya ga alamun an cike shi da ƙasa.

Canjin mai gini na sa miliyan 10, bisa yarjejeniya da shi, don ƙananan sauye-sauye irin su matsar da bangon raba ofis. A gida na huɗu akwai abu ɗaya: wani yanki na filin bai fita daga hannun mai amfani da shi ba, kuma idan miƙa shi ya makara wata biyu bayan an fara aiki, miliyan 3 ɗin nan na wata-wata za su ci gaba da tafiya. Miliyan 6, yiwuwa rabi, ya ba da 3. Duka ko-ta-kwana: 30 da 22 da 10 da 3, miliyan 65, kusan kashi 11. Lambar ba ta yi nisa da goman da kowa ke sawa ba, na sani. Amma wannan idan aka ce a rage ta, sai ka tambaya wane layi za a goge.

Yanzu ga abin da takardu da yawa ke ɓoyewa. Miliyan 15 na ƙasa ba za su taɓa faruwa ba. Ko dai ƙasar ta yi kyau a kashe sifiri, ko ta ƙi a kashe 50. Ninkawa da yiwuwa tana aiki ne idan haɗuran suna da yawa kuma girmansu kusan ɗaya, wani ya faru wani ya fasa, su daidaita. Idan ɗaya ya fi sauran duka a haɗe, kamar nan, lissafin ya gurgunce: in ya faɗo, miliyan 22 ɗin gaba ɗaya ba su kai rabinsa ba. Sannan ruwa da raunin ƙasa sukan zo tare. Don haka sai an rubuta a fili: "Idan gwaji ya nuna ƙasa marar ƙarfi, kuɗin haɗarin gini ba zai isa ba, za a nemi ƙarin aƙalla miliyan 28. Shawara: a yi gwajin ƙasa kafin a tsayar da kasafi." Kuɗin gwajin ɗan kaɗan ne idan aka ɗora shi kusa da 50.

Ka rufe wannan sashe da abin da ko-ta-kwana ba ya ɗauka. A ma'anar AACE, ba ya ɗaukar babban canjin aiki, da aukuwar da ta fi ƙarfin kowa kamar bala'in yanayi ko gagarumin yajin aiki, da hauhawar farashi, da motsin canjin kuɗi. Ƙarin hawa na huɗu sabon ƙiyasi ne. Ka kuma faɗi wanda ke da ikon sakin kowane kaso, domin kuɗin da ba shi da mai tsaro yakan ƙare tun ana harsashi.

Mataki na shida: hauhawar farashi a layinta

Kada a cusa ta cikin ko-ta-kwana, domin ita lokaci take bi, kuma ana lissafa ta kashi biyu. Daga ranar farashi zuwa ranar karɓar tayi, a misalinmu wata 6. Sai daga nan zuwa tsakiyar lokacin gini, tunda kuɗin ana kashe su ne a hankali: rabin wata 15, wato 7.5. Da zaton kashi 8 a shekara, na farko kashi 4 ne a kan 665, miliyan 26.6, jimla 691.6. Na biyu kashi 5 a kan wannan, miliyan 34.6. Ƙarshen lamba miliyan 726.2. Rubuta kason, da inda ka samo shi, da ranakun biyu, da abin da jinkirin wata ɗaya zai ƙara, wanda a nan ya haura miliyan 4. Idan akwai kayan da za a shigo da su daga waje, kamar liftar, faɗi farashin canjin da ka yi amfani da shi.

Mataki na bakwai: bi ta da jan biro, sannan ka sabunta

Kafin ta fita, ɗauki zanen ka bi ginin a ranka daga ƙofar shinge har saman rufi, kana kiran sunan kowane abu kana neman gidansa cikin huɗun nan. Tankin ruwa yana ina? Kayan kashe gobara? Fitilun harabar? Allon sunan ginin? Sai ka juya ka bi ta baya: duba ko akwai abin da ya bayyana a gida biyu, kamar magudanan ruwa da ke da miliyan 12 na riƙon ƙwarya kuma aka sake auna wani ɓangarensu cikin aikin waje. Daga nan ka ba wanda bai taɓa aikin ba ya karanta, ka tambaye shi ko kabad ɗin ofis suna ciki. Idan ya yi jim, layin na buƙatar gyara. Ka zauna da mai gini ku karanta jerin cirewa tare, da murya, ya sa hannu a shafin.

A misalinmu rahoton gwajin ƙasa ya iso bayan mako biyar, kuma ƙasar ta ƙi. Aka zana harsashin faranti, aka auna, ƙarin ya tsaya a miliyan 46. Ga yadda fitowa ta biyu ta takardar ta nuna shi. Zaton harsashin ɗaiɗaikun ginshiƙai an soke shi, an sa lambar rahoton a gurbinsa. Miliyan 46 sun shiga aikin da aka auna, 600 ta koma 646. Miliyan 15 na haɗarin ƙasa an cire su, tunda abin ya riga ya faru. Rahoton ya nuna ruwa kusa, don haka yiwuwar janye ruwa ta tashi daga kashi 40 zuwa 70, kuɗinta daga 4 zuwa 7. Ko-ta-kwana ya sauko daga 65 zuwa 53, jimla ta tashi daga 665 zuwa 699, kuma da hauhawar farashi ta kai 763.3. Duk wannan ya shiga rabin shafi a gaban takardar, tsohuwar lamba a hagu, sabuwa a dama, dalili a tsakiya. Miliyan 30 na ci gaban zane na bar su yadda suke, na rubuta a gabansu cewa za a sake duba su ranar da zanen ginshiƙai da na bene suka iso.